Malam Gambo ko Malama Gambo? Yadda za ka rubuta wa wanda ba ka san jinsinsa ba

A ce kana neman gurbin ƙaro karatu, sai sanarwa ta ce a aika da wasiƙa ga Dakta Gambo. Ka ɗauko waya ka fara: "Ina fatan kana lafiya." Tun a layin farko ka yanke hukuncin cewa namiji ne, alhali babu abin da ya shaida maka haka.

Gambo suna ne da Bahaushe ke kiran wanda aka haifa bayan tagwaye da shi, mace ko namiji. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar gwagwarmayar NEPU da ta rasu a 2001, mace ce. Muhammadu Gambo Jimeta, wanda ya zama Sufeto Janar na 'yan sandan Najeriya a 1986, namiji ne. Haka Auta da Kyauta suke, domin irin waɗannan sunaye yanayin haihuwa suke nunawa, ba jinsi ba.

Lamarin ya fi rikitarwa idan aka fita daga ƙasar Hausa. A wajen Yarabawa, Bola na iya zama namiji kamar Shugaba Bola Tinubu, ko mace kamar 'yar kasuwar nan Hajiya Bola Shagaya. Uche da Chika ma haka suke a wajen Ibo. Nura kuwa, da muka sani sunan maza, mata ne suka fi amsa shi a ƙasashen Larabawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne Hausa ba ta barin mai rubutu ya ɓuya. Ba a kan wasiƙa kaɗai jinsi ke fitowa ba. Kusan kowace jimla sai ta tilasta maka zaɓi tsakanin ka da ki, maka da miki, naka da naki. Wasu kan rubuta "Malam/Malama" da "ka/ki" tun daga sama har ƙasa, sai wasiƙar ta koma kamar fom ɗin banki, mai karatu kuma ya gane ba a san shi ba.

Mafita tana cikin harshen kansa: "ku" na girmamawa, wanda dama da shi ake yi wa manya magana. Ba ya bambanta mace da namiji, ga shi kuma yana ƙara wa wasiƙa ladabi. Ga yadda ta Dakta Gambo za ta kasance:

"Zuwa ga Dakta Gambo. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne domin neman gurbin karatu a sashenku. Na haɗo muku da takarduna, zan kuma yi farin ciki idan kuka duba su. Ku huta lafiya."

A lura da laƙabin da aka sa. Dakta, Farfesa, Injiniya, Barista da Mai Shari'a duk mata da maza na amsa su, saɓanin Malam da Malama ko Alhaji da Hajiya. Idan mutumin ba shi da irin wannan laƙabi, sai a rubuta cikakken sunansa kamar yadda ya zo a sanarwar, ba ƙari.

Akwai tarko biyu da ke kama masu rubutu. Na farko shi ne harafin da ke liƙe a ƙarshen muƙami: "Shugaban Sashe" namiji ne, "Shugabar Sashe" mace ce. Don haka idan akwai suna da laƙabi, a bar muƙamin, a rubuta sunan sashen a layi na gaba. Na biyu shi ne mantuwa: a fara da "kuna lafiya", can a tsakiya a ɓuge da "ina roƙonka". Kafin ka aika, bi wasiƙar layi-layi kana neman ka, ki, maka da miki.

Sai dai "ku" na wasiƙar farko ne. Idan akwai lambar ofishin, kira ɗaya ya isa: "Don Allah, Dakta Gambo namiji ne ko mace?" Idan kuma amsa ta zo ɗauke da "ni ce" ko "ni ne" a ƙasa, magana ta ƙare.

Wannan ya dawo da mu kan mai rubutun. Idan sunanki Gambo ko Auta, kada ki bar wanda zai ba ki amsa cikin irin wannan duhu. Ki rufe wasiƙarki da "Ni ce taku", namiji kuma ya rufe da "Ni ne naku". Kalmomi uku ne, amma sun raba gardama.