Takardar da ke Zuwa Bayan Dashen Farko Bai Kama Ba

Kimanin mako biyu bayan an dasa ɗan tayi a mahaifa, ana ɗibar jinin mace a auna sinadarin da ake rubutawa hCG, wanda jiki ke fitarwa idan ciki ya shiga. In bai kai 5 ba, dashen bai kama ba. Galibi ta waya ake fara sanar da ma'aurata, kuma a wannan lokaci babu wanda ke iya riƙe bayani. Shi ya sa asibitin kirki yake biyo baya da takarda mai bayyana abin da ya faru daki-daki. Da yawa sukan jefa ta cikin durowa don baƙin ciki, alhali a cikinta ne ake gane inda tafiyar ta tsaya da abin da ya kamata a yi nan gaba.

A ɗauki misalin mata mai shekara 34 da mijinta, waɗanda aka yi wa dashen ƙwai, wato IVF, karo na farko. Takardar tasu ta buɗe da jajantawa da umarni guda biyu: ta daina amfani da maganin riƙe ciki da aka ba ta, kuma ta sa ran ganin al'ada cikin 'yan kwanaki, wataƙila da jini fiye da yadda ta saba. Sai jerin lambobi ya biyo baya. Bayan allurar kwana 11, an ciro ƙwai 11. Guda 9 ne suka nuna. Da aka haɗa su da maniyyin mijin, 6 suka haɗu. Guda 3 suka ci gaba da girma har kwana na biyar. An dasa ɗaya, an daskarar da biyu.

Wanda bai saba ba zai ga kamar asara aka yi ta tafkawa, daga 11 zuwa 3. Likita kuwa zai ce wannan zagaye ya tafi yadda ake so. Abu ne da aka saba gani wajen kashi biyu cikin uku na ƙwan da suka nuna su haɗu da maniyyi, sannan tsakanin sulusi da rabin waɗanda suka haɗu su kai kwana na biyar. Kamar shuka ce: ba duk irin da aka binne ke tsirowa ba, ko da ƙasa da ruwa sun yi daidai.

To me ya hana wanda aka dasa kamawa? A mafi yawan lokuta matsalar tana cikin ɗan tayin kansa. Ana so kowace ƙwayar halittarsa ta ɗauki ƙunshin gado 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. In aka sami ƙari ko ragi, sai girmansa ya tsaya, ko da ya yi kyau a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji. Wannan kuskure yana yawaita yayin da shekarun mace ke ƙaruwa. Alƙaluman hukumar da ke kula da asibitocin dashe a Birtaniya sun nuna cewa ga matan da ba su kai 35 ba, kusan ɗaya cikin uku na 'yan tayin da aka dasa ne ke kaiwa ga haihuwa, ga waɗanda suka haura 43 kuwa bai wuce biyar cikin ɗari ba. Ke nan ko ga mace mai ƙuruciya, rashin kamawa a karon farko ya fi kamawa yawa.

Wannan bayani yana da nauyi a gidajenmu, inda laifi ya fi saurin faɗawa kan mace. Za a ce ai ta ɗaga bokiti, ta hau babur, ko ta ƙi kwanciya. Bincike bai nuna cewa kwanciya bayan dashe tana ƙara damar samun ciki ba, kuma ɗan tayi ba ya faɗowa don mace ta yi tafiya ko tari. Ya kamata miji ya karanta wannan sashe da kyau, domin shi zai tare surutun dangi.

Zaɓin da takarda za ta kawo ya dogara ne da matakin da lambobin suka karye. Ga ma'auratan namu, hanya mafi sauƙi ita ce a dasa ɗaya daga cikin biyun da aka ajiye. Ana adana su cikin ruwan sinadari mai tsananin sanyi, digiri 196 ƙasa da sifili, kuma da dabarun yanzu fiye da tara cikin goma suna rayuwa bayan an narkar da su. Ba sai an sake allurar ƙara ƙwai ko ciro su ba, don haka wahala da kuɗi sun ragu sosai. Ana jira al'ada ɗaya ko biyu, a shirya bangon mahaifa har kaurinsa ya kai milimita 7 ko fiye, sannan a dasa.

Da a ce ƙwai 3 kacal aka ciro, shawarar za ta koma kan sauya nau'in allura ko yawanta a sabon zagaye. Da kuma ƙwai 9 sun nuna amma ɗaya ne ya haɗu, hankali zai koma kan maniyyi, a ba da shawarar dabarar ICSI, inda ake ɗaukar ƙwayar maniyyi guda a cusa ta cikin ƙwai da siririyar allura. Maniyyi yana ɗaukar kusan wata uku kafin ya kammala haɗuwa, don haka mijin da zai bar sigari sai ya bari tun da wuri. Wani lokaci kuma ana leƙa cikin mahaifa da ƙaramar kyamara don neman ƙari ko tsiro. Haka nan bututun ƙwai da ya toshe ya tara ruwa yana iya rage damar kamawa da kusan rabi, shi ya sa ake cire shi ko a ɗaure shi kafin a sake dashe.

Wasu takardun sukan ambaci karɓar ƙwai daga wata mace, musamman ga wadda shekarunta suka ja. A nan Musulmi suna da ƙa'ida. Fatawar da Sheikh Jadul Haƙƙ na Masar ya bayar a 1980 ta halatta dashe tsakanin miji da matarsa, ta haramta shigo da ƙwai ko maniyyin wani, kuma a kan haka mafi yawan malaman Sunna suka tafi. Dakatawa a huta, ko tsayawa baki ɗaya, su ma zaɓi ne da ya kamata takarda ta rubuta a fili.

A ƙarshen takardar akwai ranar komawa ganin likita. Yana da kyau miji da mata su je tare, riƙe da takardar da tambayoyinsu a rubuce: wane matsayi aka ba 'yan tayin da aka ajiye, nawa ne kuɗin ajiyarsu a shekara, me za a sauya a karo na gaba, kuma nawa ne jimillar kuɗin har da magunguna. In an tallata musu wani ƙarin gwaji ko magani mai tsada, su nemi hujjar cewa yana ƙara yawan haihuwa, domin da dama ba su da ita. Kafin ranar kuma, in matar ta ji ciwon mara mai tsanani, ko ciki ya kumbura da sarƙewar numfashi, ko jini ya ɓalle, ta tafi asibiti nan take.