Yadda Ake Raɗa wa Lemon Kwalba Sunayen 'Yan Gida Ɗaya

Mai haɗa lemo a Kano da zai fito da na mangwaro, abarba, tsamiya da zoɓo, sai ya fara da sunan gida: gajere, gaɓa biyu ko uku, wanda bai ambaci kowane ɗan itace ba. Idan ya kira kamfanin "Mangwaro Zalla", ranar da ya kawo na abarba sunan zai ƙaryata abin da ke cikin kwalbar. Dubi Fanta: suna ɗaya ne, ɗanɗanon ke biyo baya.

Sannan a bi tsari guda. A ce sunan gidan Sanyaya ne. In an fara da "Sarkin Mangwaro", sauran su zama "Sarauniyar Abarba", "Yariman Zoɓo", "Gimbiyar Tsamiya". Kada na biyar ya fito da sunan Turanci, don mai saye zai ɗauka na wani kamfani ne.

Ni dai na fi yarda da gwajin bakin kanti. A aiki yaro ya sayo ɗaya. Idan ya manta sunan a hanya, ko mai kanti ya miƙo masa wani, a sake suna kafin a buga takardar kwalba, kafin kuma a kai wa NAFDAC rajista.