Idan Ƙwaƙwalwa Ta Ɗauke Wuta a Gaban Masu Intabiyu

A watan Nuwamba na 2011, gwamnan jihar Texas na lokacin, Rick Perry, yana tsaye a muhawarar masu neman takarar shugabancin Amurka a jam'iyyar Rifablikan, ana nuna shi kai-tsaye a talabijin. Ya ce idan ya hau mulki ma'aikatu uku zai rushe. Ya ambaci ta kasuwanci, ya ambaci ta ilimi, sai ta ukun ta ɓace masa. Ya duba takardunsa, abokan takara suka yi ta jefo masa sunaye, mai gabatarwa ya sake tambayarsa, amma shiru. Kusan minti guda ya yi yana lalube kafin ya haƙura. Can gaba a cikin muhawarar sunan ya faɗo masa da kansa: ma'aikatar makamashi. Magana ce da ya sha maimaitawa a wuraren yaƙin neman zaɓe, kuma ba ta goge daga kansa ba. Hanyar ɗauko ta ce ta toshe na ɗan lokaci.

Abin da ya same shi yana samun matashin da ya gama bautar ƙasa ya zauna gaban mutum uku yana neman aiki, yana kuma samun malamar asibiti mai shekaru a bakin aiki da ke neman ƙarin girma. Masana sun daɗe da sanin cewa intabiyu tana cikin abubuwan da suka fi kaɗa hantar ɗan Adam, har ma da ita suke amfani idan suna son tayar da hankalin mutum don bincike. A 1993 Clemens Kirschbaum da abokan aikinsa a Jami'ar Trier ta Jamus suka wallafa wani gwaji da har gobe ake amfani da shi. Za a ce wa mutum ya tsaya gaban alƙalai ya yi minti 5 yana bayanin dalilin da ya sa ya cancanci wani aiki. An riga an umarci alƙalan kada su yi murmushi, kada su gyaɗa kai. Daga nan sai a ce ya fara daga 1022 yana cire 13 da ka, da ƙarfi, idan ya yi kuskure ya koma farko. Kowa ya san aikin na ƙarya ne, ba albashi ba komai, amma duk da haka sinadarin damuwa da ake kira kotisol yakan ninka a jikin yawancin mutane.

Cikin 'yan daƙiƙoƙi da jin tsoro, jiki yana sakin adirenalin. Zuciya ta hau dukan uku-uku, yawu ya ƙafe, tafin hannu ya jiƙe, murya ta soma rawa. Kotisol yana biyo baya a hankali, yakan kai ƙololuwa wajen minti 20 zuwa 30 bayan an shiga tashin hankalin. Wannan yana nufin wanda ya zauna a benci yana jiran a kira sunansa, gabansa yana faɗuwa tun rabin awa da ta wuce, zai iya shiga ɗakin daidai lokacin da sinadarin ya yi yawa a jininsa. Bincike ya nuna cewa yawan kotisol yana wahalar da tuno abin da aka riga aka sani. Ga kuma ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe tambaya yana jera amsa a lokaci guda: abin da yake iya ɗauka kaɗan ne. Idan tunanin “sun ga ina rawa” da “idan na faɗi me zan ce a gida” suka cika wurin, babu sauran fili ga amsar. A wurinmu nauyin ya fi haka, domin mai tunani da Hausa yakan amsa da Turanci a Kano ko da Faransanci a Damagaram, kuma neman kalmar ma a wannan ɗan wurin ake yin sa.

Saboda haka aikin yana farawa tun kafin ranar, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne haddace amsa kalma bayan kalma. Amsar da aka haddace, kowace jimla ita ke janyo ta gaba. Da zarar ɗaya ta kuɓuce, ko mai tambaya ya juya tambayar ta wata fuska, sauran sun tafi. Abin da ya fi riƙuwa shi ne labarai na gaskiya guda huɗu ko biyar daga aikin da mutum ya taɓa yi, kowanne da gaɓa uku: me ya faru, me ya yi, me ya biyo baya. Mutum ba ya saurin manta abin da ya faru da shi. Sai kuma a faɗi labaran da baki, a tsaye ko a zaune kan kujera, gaban wani da ake jin nauyinsa, kamar yaya ko tsohon malami, a roƙe shi ya ɗaure fuska ya kuma katse magana. Maimaitawa a zuci kan katifa ba ta koya wa jiki yin magana cikin faɗuwar gaba.

A safiyar ranar, a ci abinci, a rage shayi mai kauri da kofi da goro, don suna ƙara bugun zuciya da rawar hannu. A wurin jira akwai dabaru biyu da ke da hujja a bayansu. Gerardo Ramirez da Sian Beilock na Jami'ar Chicago sun nuna a 2011 cewa ɗaliban da suka yi minti 10 suna rubuta fargabarsu a takarda dab da jarrabawa sun fi samun maki, musamman waɗanda dama tsoro ke yawan kama su. A kan jarrabawa aka yi gwajin, amma dalilin ɗaya ne: abin da aka sauke a takarda ya rage cunkoso a ka. Ta biyun numfashi ce. Zuciya tana ɗan ƙara sauri idan an shaƙi iska, tana lafawa idan ana fitar da ita, don haka a shaƙa ana ƙirga huɗu, a fitar a hankali ana ƙirga shida ko takwas, na tsawon minti biyu. Yawan zuƙar iska da sauri akasin haka yake yi, yana kawo jiri da tsitstsira a yatsu. Ba a bukatar tsoron ya tafi gaba ɗaya. Alison Wood Brooks ta Harvard ta gano a 2014 cewa waɗanda suka ce wa kansu ɗoki suke yi sun fi taɓuka abin kirki a jawabi fiye da masu tilasta wa kansu natsuwa, domin ɗoki da tsoro kusan alamominsu ɗaya ne a jiki.

To idan duk da haka wutar ta ɗauke fa?

A ɗauki misalin wata matashiya mai neman aikin koyarwa a firamare. Shugaban kwamitin ya ce ta ba su labarin wani lokaci da ta yi fama da ɗalibi mai wuyar sha'ani. Ta buɗe baki, ta ce “Akwai wani yaro”, sai komai ya tsaya. Abin da jikinta zai umarce ta shi ne ta cike shirun da ko mene ne. A hirar yau da kullum tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, kamar yadda wani bincike na 2009 a kan harsuna goma ya nuna, shi ya sa shirun daƙiƙa uku yake zame wa mai shi kamar shekara. Su kuwa 'yan kwamitin, mutum ce suke gani tana tunani. Thomas Gilovich da Kenneth Savitsky sun nuna cewa masu jawabi suna zaton ruɗewarsu ta fito fili fiye da yadda masu sauraro suke ganinta.

Abu na farko, ta fitar da numfashi guda a hankali, ta dafa ƙafafunta a ƙasa, in akwai ruwa ta kurɓa. Sannan ta yi magana ɗaya gajera, ba tare da jera ban-haƙuri ba: “Ranka ya daɗe, a ba ni ɗan lokaci in tsara amsar.” Daga nan ta maimaita tambayar da bakinta: “Wato ɗalibin da ya ba ni wahala, da yadda na yi da shi.” Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Mai hadda idan ya kakare yakan koma baya kaɗan ya sake tahowa, kuma sau da yawa harshe ya wuce wurin da ya tsaya. Idan labarin bai dawo ba, ta kama ƙaramin abin da take da tabbacinsa: aji nawa ne, a wane zango, a ina yaron yake zama. Da ta ce “Lokacin koyon aikin koyarwa ne, aji huɗu, kullum yana zama a baya”, sauran yakan biyo, cewa allo ne ba ya gani sosai, ta dawo da shi gaba ta kuma sanar da iyayensa. Duk wannan bai kai rabin minti ba.

Idan kuwa wani suna ne ko adadi ya maƙale, matsa masa ba ya fito da shi. Sau da yawa wata kalma mai kama da ita ce ke ta faɗowa tana tare hanya. Gara ta kwatanta abin da wasu kalmomi, ko ta ce, “Hajiya, sunan ya kwanta mini, amma ga yadda ake yin abin, in ya dawo zan faɗa.” Abin da bai kamata ba shi ne cankar adadi. A Fabrairun 2015 Natalie Bennett, shugabar jam'iyyar masu kare muhalli ta Ingila da Wales, ta kakare a gidan rediyon LBC da Nick Ferrari ya tambaye ta kuɗin gina gidaje 500,000 da jam'iyyarta ta yi alkawari. Ta ci gaba da jefo lissafin da bai haɗu ba, kowace amsa tana haifar da tambayar da ta fi ta tsanani, daga baya ta nemi afuwar magoya bayanta ta ce kanta ne ya ɗauke. Kuma akwai bambanci tsakanin mantuwa da rashin sani. Mai mantuwa yana jin amsar a kusa, har yakan tuna harafinta na farko. Wanda bai taɓa sani ba, gara ya faɗi haka, ya bayyana inda zai nemo.

Haɗarin da ya rage yana cikin tambaya ta gaba. Mutane da yawa suna tsallake tuntuɓen, amma hankalinsu ya tsaya a kansa, sai su kasa jin abin da ake tambayarsu yanzu. A kwamitoci da dama kowace tambaya makinta daban, don haka amsa ɗaya da ta gurgunce ba ta cinye sauran, sai in an ja ta zuwa gaba. Dabarar ita ce mayar da kunne kan kalmomin mai tambaya, a dube shi jefi-jefi ko da tarbiyya ta saba wa mutum sunkuyar da kai gaban manya. Idan a ƙarshe aka ce ko tana da abin ƙarawa, matashiyar za ta iya cewa, “Ranka ya daɗe, ina so in cika amsata ta ɗazu”, ta yi jimla biyu ta tsaya.

Waɗannan dabaru suna da iyaka. Wanda tsoron yake sa shi amai, ko numfashinsa ya sarƙe har ya ji kamar zai mutu, ko ya riƙa ƙin zuwa intabiyu bayan an kira shi, ya kamata ya ga likita, domin ciwon fargabar shiga mutane sananne ne kuma ana magance shi. Kada ya karɓi ƙwayar rage bugun zuciya daga aboki ko daga kemis ba da izinin likita ba. Wasu daga cikinsu suna tayar da ciwon asma, masu sa barci kuma suna dushe tunanin da yake bukata a cikin ɗakin.