Giwar Kasuwa da Ƙananan 'Yan Gefe: Yadda Ake Yanke Farashin Ɗanyen Mai

Duk lokacin da ministocin ƙungiyar OPEC suka yi zama, labarin da ke fitowa kusan iri ɗaya ne: an rage yawan gangar da za a haƙo, ko an ƙara, ko an bar shi yadda yake. Mai sauraro zai iya tambaya, tunda waɗannan ƙasashe suna da irin wannan ƙarfi, me ya hana su tsawwala farashi yadda suka ga dama? Amsar tana hannun waɗanda ba sa cikin zauren taron.

Masana tattalin arziki suna da wani tsari na fahimtar irin wannan kasuwa. Akwai babban mai sayarwa guda, giwar kasuwa, wanda in ya rage kaya farashi ya tashi, in ya sake kaya farashi ya sauka. Sannan a gefensa akwai ƙananan masu sayarwa da yawa, waɗanda kowannensu bai isa ya motsa farashi shi kaɗai ba. Su nasu ido ne: su duba farashin da ke ƙasa, in ya yi tsada su buɗe rijiyoyin da a da ba sa biyan kuɗin aiki, in ya faɗi su rufe. OPEC, wadda aka kafa a Bagadaza a 1960 kuma Najeriya ta shiga a 1971, ita ce misalin da aka fi kawowa na giwar, da Saudiyya a kan gaba.

Abin da giwa ba ta mantawa shi ne cewa ba dukan cinikin duniya ne nata ba. A kowane farashi, sai 'yan gefe sun sayar da abin da za su iya, sannan abin da ya rage na buƙatar masu saye ya zama rabonta. Wannan ake kira ragowar buƙata, kuma lissafinta ɗebewa ce kawai: jimlar abin da duniya za ta saya, a cire abin da 'yan gefe za su kawo.

Mu ɗauki alƙaluma na misali, waɗanda aka sauƙaƙa don lissafi ya fito fili. A ce P shi ne farashin ganga da dala, D buƙatar duniya, S kayan 'yan gefe, R kuma ragowar, duk da miliyoyin ganga a rana:

```
D = 120 - 0.2P
S = 50 + 0.2P
R = D - S = 70 - 0.4P
```

Ma'anar wannan ba ta da wuya. Duk ƙarin dala 5 a farashi, masu saye za su rage ganga miliyan 1, 'yan gefe kuma su ƙara miliyan 1. Ke nan giwa ta yi asarar cinikin ganga miliyan 2, ta sha duka ta gaba da ta baya. A dala 75, duniya na sayen miliyan 105, 'yan gefe na kawo 65, giwa ta sami 40. A dala 125 rabonta ya koma 20. In ta kai farashi dala 175, 'yan gefe kaɗai sun wadatar da kasuwa, ita ko ganga ɗaya ba za ta sayar ba.

To a ina za ta tsaya? A ce kowace ganga tana cin mata dala 15 wajen haƙowa. In farashi yana dala 100, tana sayar da miliyan 30. Ta sauko zuwa 95, sai ta sami sabon cinikin miliyan 2, kowace da ribar dala 80, wato dala miliyan 160. Amma ragin bai tsaya kan sababbin gangunan ba, ya shafi har miliyan 30 ɗin da dama tana sayarwa, kowace ta rasa dala 5, wato miliyan 150. Abin da ta samu ya ɗara abin da ta rasa, saukowar ta yi amfani. In ta ƙara saukowa zuwa 90, sabon cinikin zai kawo miliyan 150, asarar tsofaffin ganguna miliyan 32 kuwa ta kai 160. Nan ciniki ya juya. Don haka za ta tsaya a dala 95, ta haƙo miliyan 32, 'yan gefe su kawo 69, duniya ta sayi 101. Ƙa'idar ita ce a tsaya a inda ƙarin kuɗin shiga daga ganga ta ƙarshe ya yi daidai da kuɗin haƙo ta, kuma a auna shi da ragowar buƙata. Wanda ya auna da buƙatar duniya gaba ɗaya zai yanke farashin da ya haura dala 300, ya wayi gari babu mai saye.

Inda abin ya fi ɗaukar hankalina shi ne sa'ad da 'yan gefe suka yi ƙarfi. A ce sun gano sabuwar dabara, suna iya ƙara ganga miliyan 8 a kowane farashi. Ragowar ta koma 62 a cire 0.4P. In aka sake lissafin, abin da ya fi wa giwa shi ne ta sauko dala 85, ta haƙo miliyan 28. Farashi ya ragu, kaya ma ya ragu. In kuwa ta kafe sai 95, ita kaɗai za ta haɗiye dukan miliyan 8 ɗin, rabonta ya koma 24.

Haka ya faru a zahiri. Bayan farashi ya ninka kusan sau huɗu a rikicin 1973, ya sake yin sama a 1979, tsadar ta sa man Tekun Arewa da na Alaska da na Meziko suka cika kasuwa, masu saye kuma suka koyi tsimi. Saudiyya ta yi ta rage haƙo don ta riƙe farashi, daga kusan ganga miliyan 10 a rana a farkon shekarun 1980 zuwa ƙasa da miliyan 3 a wasu watannin 1985. Da ta ga ba ta fita, ta saki mai, farashi ya rushe a 1986. An maimaita a Nuwamban 2014, lokacin da man da Amurka ke tatsowa daga cikin duwatsu ya yi yawa. OPEC ta ƙi rage haƙo, gangar da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗi ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, a shekarar nan kuma tattalin arzikin Najeriya ya shiga koma-baya.

Tsarin yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. OPEC ba kamfani ɗaya ba ce. Ƙasashe ne masu kasafin kuɗi daban-daban, kuma wasu kan zarce kason da aka yanka musu a ɓoye, su koma kamar 'yan gefe. Sannan lokaci yana da tasiri: a wata shida 'yan gefe ba sa iya ƙara abu mai yawa, a shekara biyar kuwa suna iyawa, shi ya sa farashin da ya yi daɗi bana yake cinye kasuwar giwa baɗi. Da OPEC ta fahimci rabonta ya yi ƙanƙanta, a ƙarshen 2016 ta jawo Rasha da wasu ƙasashe cikin yarjejeniyar da ake kira OPEC+, wato ta rage yawan 'yan gefen da ake cirewa a lissafi.

Saboda haka, mai karatu, in ka ji an ce OPEC ta rage haƙo, kada ka tsaya kan farashin washegari. Ka nemi sanin ganga nawa ƙasashen da ba sa cikinta, irin su Amurka da Brazil da Guyana, suke ƙarawa, da kuma ko kason ƙungiyar a kasuwar duniya yana raguwa. In farashi ya tsaya amma kasonta yana ta zaizayewa, to riƙon ba zai daɗe ba, kuma bai kamata masu tsara kasafin kuɗinmu su dogara da shi ba.