Ciwon Dunduniya a Takun Farko na Safiya

Ciwon dunduniyar da ke sukar mutum da zarar ya sauko daga gado da asuba, galibi daga wata jijiya mai kauri da ke shimfiɗe a tafin ƙafa yake tasowa. Jijiyar ta kama ƙashin dunduniya ta baya, ta miƙe har gindin yatsu, kuma ita ce ke riƙe lanƙwasar tafin ƙafa kamar yadda tsarkiya ke riƙe baka. Idan nauyi ya yi mata yawa tsawon lokaci, sai ta riƙa samun ƙananan yagewa a daidai inda ta manne da ƙashi. Likitoci suna kiran wannan lalura falanta fashiyaitis.

Dalilin tsananinsa da safe yana cikin yanayin kwanciya. Mai barci yakan saki ƙafarsa ta karkata ƙasa, sai jijiyar da naman sharaɓa su kwana a takure. Takun farko yana miƙe su gaba ɗaya ba shiri, wurin da ya ji rauni ya sake ɗamewa. Bayan tafiyar 'yan mintuna zafin yakan lafa, sannan ya dawo idan an tashi daga dogon zama, ko da yamma bayan an wuni a tsaye. An fi ganinsa tsakanin shekara 40 zuwa 60, musamman ga masu ƙiba da masu doguwar tsayuwa a kan siminti.

A ɗauki misalin malamar firamare mai shekara 48, wadda ke wuni a gaban allo sanye da silifas ɗin da ya siɗe. Idan ta tashi alwalar asuba sai ta dafa bango tana ɗingishi, amma kafin ta isa makaranta ciwon ya sauka. Da likita ya danna babban yatsansa a ƙasan dunduniyarta, ɓangaren ciki kusa da inda lanƙwasa ta fara, sai ta zabura. Da ya tanƙwara yatsunta sama zafin ya ƙaru. Labarinta da wannan gwaji sun wadatar. Hoton ƙashi yakan nuna ɗan tsiro a ƙashin dunduniya, abin da ke tayar wa mutane hankali ba gaira ba dalili, domin da yawa suna da shi ba sa jin komai, kuma ciwon yana warkewa tsiron na nan.

Maganinta yana farawa tun kafin ta taka ƙasa. Za ta zauna a bakin gado, ta ɗora ƙafar a kan ɗaya gwiwar, ta kama yatsun ta ja su baya har ta ji tafin ya ɗame, ta riƙe daƙiƙa 10, ta maimaita sau 10, sau uku a rana. Za ta kuma dafa bango, ta mayar da ƙafar mai ciwo baya, gwiwa a miƙe, dunduniya a ƙasa, ta riƙe daƙiƙa 30 don sharaɓa ta saki. Takalmi mai kauri da laushi ya zama dole har a tsakar gida, sannan mirgina gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin da yamma yana rage raɗaɗi. Sauƙin a hankali yake zuwa, cikin makonni ko watanni, kuma mafi yawa suna warkewa cikin shekara guda. A nan ne mutane ke gajen haƙuri su koma shan ƙwayoyin kashe zafi irin su dikilofenak kullum, alhali suna iya taɓa ciki da ƙoda. Allurar sitiroyid tana ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma yawan yin ta na iya tsinka jijiyar ko ya zaizaye kitsen dunduniya.

Wurin ciwo da lokacinsa su ne ke bambanta sauran dalilai. Idan a bayan dunduniya yake, to agara ce. Idan a tsakiya yake kamar an taka dutse, kuma tafiya ƙara shi take yi, ana zargin kitsen da ke tare ƙashin ya yi siriri. Zafin da ke tashi idan an matse dunduniya ta gefe biyu, musamman bayan ƙaruwar gudu ko atisaye, yana iya zama tsagewar ƙashi. Zugi da mindirewa alamar jijiyar ji ce, ko ta matsu ko ciwon suga ya taɓa ta. Yaro mai shekara 8 zuwa 14 da ke buga ƙwallo, yawanci wurin girman ƙashinsa ne ya wahala. Matashin da dunduniyoyinsa biyu ke ciwo tare da sandarewar baya da safe yana buƙatar binciken cutar kumburin gaɓoɓi. Kumburi da ja da zazzaɓi, kasa taka ƙafar bayan faɗuwa, ko rauni a ƙafar mai ciwon suga, duka na zuwa asibiti ne a ranar.