Kafin ka zuba kuɗin riɗinka a foreks, koyi lissafin nan

Jama'ar Birnin Kudu da Gwaram, tallar cinikin kuɗin ƙasashe ta waya, wadda ake kira foreks, ta shigo mana har cikin zauruka. Ana nuna wa matasa hoton ribar dala ɗari biyu a yini, amma ba a nuna masu lissafin da ya haifar da ita. Lissafin kuwa abu uku ne: fif, lot da lebarej. Wanda ya gane su zai san abin da zai iya rasawa tun kafin ya taɓa allo.

Fif shi ne ma'aunin motsin farashi. Ɗauki yuro da dalar Amurka, waɗanda ake rubutawa `EUR/USD`. Idan farashi ya nuna 1.0850, ana nufin yuro ɗaya na daidai da dala 1.0850. Lamba ta huɗu bayan ɗigo ita ce fif, wato 0.0001. Idan farashin ya tashi daga 1.0850 zuwa 1.0880, ya motsa fif 30. A kula, manhajoji irin su `MetaTrader 5` sukan nuna lamba biyar bayan ɗigo, kamar 1.08503. Ta ƙarshen nan kashi ɗaya ce cikin goma na fif, kuma sababbin shiga kan ƙirga ta, su ɗauka sun samu fif 300 alhali 30 ne. Idan kuma da kuɗin Japan a cinikin, kamar `USD/JPY`, lamba ta biyu bayan ɗigo ce fif.

Fif shi kaɗai ba ya gaya maka nawa ka samu. Lot ne yake sa masa kuɗi, domin shi ne yawan hajar da ka ɗauka. A gurbin da aka rubuta `Volume`, 1.00 na nufin yuro 100,000, kuma kowane fif dala 10 ne. Idan ka sa 0.10, yuro 10,000 ke nan, fif ɗaya dala 1. Idan ka sa 0.01, yuro 1,000 ne, fif ɗaya santi 10. Wannan ƙima tana aiki ne a cinikin da dala take a ɓangaren dama. Zinare da sauran haja lissafinsu dabam ne, don haka kada a ɗora masu wannan. Ga ƙa'idar:

```
riba ko asara = yawan fif × lot × $10
```

To, ina mai jarin dala 100 zai samu yuro 10,000? Nan lebarej ya shigo. Kamar mutum ne ya je kasuwar Sara ya kama tirela guda ta riɗi da ɗan kafin alƙalami. Idan buhu ya tashi, ribar tirelar duka tasa ce. Idan ya faɗi, faɗuwar tirelar duka daga ɗan kuɗin nan nasa za a cire. Lebarej na 1:500 yana nufin dillali zai riƙe dala 1 a matsayin jingina a kan kowace hajar dala 500.

Mu buga misali. Matashi ya sayar da riɗinsa ya samu naira 150,000. Mu ƙaddara dala tana naira 1,500, jarinsa ya zama dala 100. Ya danna `Buy` a 1.0850 da lot 0.10. Hajar da ya kama ta kai dala 10,850, jinginar da aka riƙe masa kuwa dala 21.70 kacal. Idan farashi ya hau 1.0880, fif 30 sau 0.10 sau 10 ya ba shi dala 30, wato naira 45,000. Idan kuma ya sauka 1.0800, fif 50 ke nan, dala 50 ta tafi, rabin jarinsa. Motsin fif 50 a yini ba baƙon abu ba ne a wannan kasuwa, bai ma kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na farashin ba.

Inda ake halaka shi ne wurin ganin sauran kuɗin da ba a riƙe ba. Sai matashin ya ce ai da sauran wuri, ya ɗaga lot zuwa 0.40. Yanzu jingina ta zama dala 86.80, kowane fif kuma dala 4. Dillalai suna da iyakar da suke rufe ciniki da kansu, da yawansu idan abin da ya rage ya sauka zuwa rabin jinginar. A nan rabin shi ne dala 43.40, wato asarar dala 56.60 ta isa. Raba ta da 4, za ka ga fif 15 ma sun wadatar, abin da kan faru cikin 'yan mintuna. Ko farashin ya dawo ya hau daga baya, an riga an fitar da shi. Ga kuma tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, wadda ita ce ladan dillali. Idan fif 2 ce, da asarar dala 8 ya fara cinikin. Lebarej bai canza ƙimar fif ba, ƙofa kawai ya buɗe masa ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa.

Masu taka-tsantsan daga baya suke faro lissafin. Sukan fara yanke abin da za su iya rasawa, misali dala 2 cikin 100, sannan su sa `Stop Loss`, wato wurin da za a rufe masu cinikin, a nisan fif 20. Dala 2 a raba da fif 20 ya ba da santi 10 a kowane fif, wato lot 0.01. A haka, ribar fif 30 dala 3 ce, naira 4,500. Wannan ita ce gaskiyar abin da ƙaramin jari yake bayarwa. Duk wanda ya nuna maka dala 200 a yini daga jarin dala 100, jarin gaba ɗaya ya sa a bakin kura.

Shi ma `Stop Loss` ba garkuwa ba ce a kowane hali. Ranar 15 ga Janairu 2015, babban bankin Suwizalan ya janye iyakar 1.20 da ya kafa tsakanin kuɗinsa da yuro. Farashi ya yi tsalle da dubban fif cikin mintuna, ya tsallake wuraren da mutane suka sa a rufe masu. Wasu suka wayi gari da bashi bayan jarinsu ya ƙare, kamfanin Alpari na Birtaniya kuma ya durƙushe. A 2018 hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta taƙaita lebarej na talakan ɗan kasuwa zuwa 1:30 a manyan kuɗaɗe, bayan ta gano kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na irin waɗannan asusu asara suke yi. Abin da aka hana Bature ke nan ake tallata mana a 1:500 har 1:1000.

Akwai kuma kuɗin kwana da ake cira ko a ƙara idan ciniki ya kwana a buɗe, wanda yake fitowa a allo da sunan `Swap`. Tushensa bambancin kuɗin ruwa ne tsakanin ƙasashen biyu, don haka a kai wa malamai bayaninsa dalla-dalla kafin a shiga. Wanda kuma ya ce ka kawo kuɗi ya juya maka da tabbacin riba duk wata, tuna da durƙushewar MBA Forex a 2020 da ta CBEX a 2025. Kasuwar da fif 15 ke iya kwashe fiye da rabin jari ba ta da riba tabbatacciya.

Saboda haka, kafin ka danna komai, ɗauki biro ka rubuta amsa uku: nawa fif ɗaya yake a lot ɗin da na zaɓa, fif nawa ne tsakanina da inda zan tsaya, kuma naira nawa ke nan idan aka ninka su? Idan adadin da ya fito kuɗin taki ne ko na makarantar yara, rufe wayar.