Kamun Ƙafa: Yadda Gabatarwa Ta Rabu da Lamuni

Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Yulin 2024, tare da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka, ya nuna cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na waɗanda aka ɗauka aikin gwamnati a Nijeriya tsakanin 2020 da 2023 sun samu gurbin ne ta hanyar cin hanci, ko sanayya, ko kuma duka biyun, alhali a binciken 2019 adadin bai wuce kusan rabi ba. Adadin na ɗaukar ma'aikata ne kawai, amma ɗabi'ar da ya tona ta wuce nan, domin ɗan kasuwa mai neman kwangila da ɗalibi mai neman gurbi da shugaban ƙungiya mai neman tallafi duk sun yi ittifaƙi a kan cewa ba a tunkarar mai wuƙa da nama kai tsaye, sai an nemi wanda ya san ɓangarorin biyu ya yi iso. Wannan shi ne kamun ƙafa, kuma kuskure ne a jefa shi gaba ɗaya cikin kwandon cin hanci. Neman iso tsohon abu ne mai amfani. Abin da ya lalace shi ne mai yin isowar ya daina ɗaukar nauyin wanda ya gabatar.

Tsarin fatauci na da ya nuna yadda abin yake a lokacin da yake da lafiya. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya bayyana yadda falke ke kawo shanu daga arewa ya sauka a gidan maigida, wato mai masaukin baƙi wanda dillalai ke aiki a ƙarƙashinsa. Falken bai san mahautan garin ba, su kuma mahautan Yarabawa sukan ɗauki shanun ne bashi, saboda haka maigida ne ke zaɓar wanda za a sayar wa, bisa sanin da yake da shi na wane ne mai cika alkawari da wane ne bashi ya yi wa katutu. Idan mahauci ya gaza biya, alhakin kuɗin falke yana wuyan maigida. Gabatarwarsa ke nan lamuni ce, wato tsayawa wani a kan cewa idan ya saɓa mai tsayawar zai ɗauki asarar, kuma wannan ne ya sa kalmarsa take da daraja har baƙo ya miƙa dukiyarsa ga mutumin da bai taɓa gani ba.

Babban dalilin yaɗuwar kamun ƙafa a yau shi ne mutuwar ƙofar gaba. Wasiƙar da aka kai ofis aka buga mata hatimin karɓa takan kwanta a fayil ba amsa, saƙon da aka tura ta adireshin kamfani babu tabbacin wani yana buɗe shi, maigadi da sakatare kuma an umarce su da kada su bar wanda ba shi da alkawarin ganawa ya wuce. Shi ma mai yanke shawarar yana da uzuri, domin masu nema sun fi ƙarfin lokacinsa, kuma ba shi da hanya mai sauƙi ta tantance takardun da ake ajiye masa, a ƙasar da takardar shaidar jabu da kamfanin da babu shi sai a cikin jaka ba baƙin abubuwa ba ne. Idan wani da ya yarda da shi ya ce masa wane mutumin kirki ne, kayansa kuma suna da kyau, an rage masa wahalar bincike. Matsalar ita ce wayar hannu ta sa gabatarwa ta yi arha: mutum yakan tura lambar babban jami'i ga wanda bai sani ba sai a wurin ɗaurin aure, ya ce masa ya kira ya ambaci sunansa, ba tare da ya tambayi mai lambar ba, ba kuma tare da ya san ingancin abin da mai neman zai kai ba. Ana ta ƙara yawan iso, nauyin kowace ɗaya kuwa yana raguwa, har manya suka koyi yi wa kiran da aka fara da "wane ne ya ba ni lambarka" irin kallon da suke yi wa wasiƙar da ba su san mai ita ba.

A ɗauki misalin mai ƙaramin injin gyaran shinkafa a Kura, wanda yake son ya riƙa kai wa wata makarantar kwana mai zaman kanta a Kano buhu 200 mai nauyin kilo 50 kowane wata. Kuskuren farko da irinsa kan yi shi ne neman mai makarantar, domin shi ne sananne, alhali wanda ke tantance masu kawo abinci shi ne ma'ajin makarantar, mai kula da sito kuma shi ke cewa shinkafa ta yi ko tana da tsakuwa. Idan aka shigo ta wurin mai makarantar, umarni zai sauko wa ma'aji daga sama, kuma ma'ajin da aka tsallake ba ya rasa aibin da zai samu a kayan. A ce kuma mai injin yana da mutum biyu da za su iya yi masa iso: kawunsa, wanda ya yi makaranta da mai makarantar shekaru talatin da suka wuce, da wani dillalin man girki wanda ya shekara uku yana kai wa makarantar kaya, ya kuma taɓa sayen shinkafar mai injin. Zuciya takan karkata ga kawu saboda kusanci da girma, amma dillalin ne ya cika sharuɗɗa biyun da maigidan Sabo yake da su, wato ya san kayan da idonsa, kuma yana da abin da zai rasa idan aka ci amana.

Wannan ya dace da abin da masanin zamantakewa Mark Granovetter ya wallafa a 1973, bayan binciken da ya yi a kan masu sauya aiki a wani gari kusa da Boston a Amurka, inda ya gano cewa mafi yawan waɗanda suka samu aiki ta hannun wani sun samu ne ta mutanen da suke gani jefi-jefi, ƙalilan ne ta aminan da suke tare kullum. Dalilin a fili yake: makusanta sun san mutanen da mai nema ya riga ya sani, abokin hulɗa na nesa kuwa yana shiga wuraren da mai nema ba ya shiga.

Yadda ake roƙon shi ne inda aka fi yin ɓarna. Mai injin da ya ce wa dillali "ka taimake ni a makarantar nan" ya ɗora masa aikin da ba shi da iyaka, domin dillalin bai san ko kwangila ake so ya karɓo ba ko ganawa kawai. Roƙon da ke tafiya shi ne wanda aka ƙayyade: a ambaci wanda ake son gani da muƙaminsa, a faɗi abin da za a kai masa, a ce ganawar minti goma sha biyar ce don a ajiye samfurin buhu ɗaya da takardar farashi, sannan a rubuta wannan a layi huɗu ko biyar da dillalin zai iya turawa kamar yadda yake, da sunan mai injin, da adadin da zai iya kawowa a wata, da waɗanda yake kai wa yanzu da za a iya tambaya. Wajibi ne kuma a buɗe wa dillalin ƙofar ƙi, a ce masa idan yana ganin bai dace ba babu komai, domin a al'adar da kunya ke hana mutum cewa a'a, wanda ba a ba shi mafita ba zai amsa da baki ya ƙi da aiki. Shi kuma dillalin sai ya fara tambayar ma'aji ko yana son a haɗa su kafin ya ba da lambarsa, ta yadda ganawar za ta kasance da yardar ɓangarorin biyu.

Akwai alamomin da ke nuna cewa isowar ba za ta haifar da komai ba. Idan mai shiga tsakani ya ce "zan yi masa magana" sau biyu ko uku ba tare da ya sa rana ba, to ko dai sanayyarsu ba ta kai yadda ya nuna ba, ko kuma ba ya son ya kashe mutuncinsa a kan wannan buƙata, kuma matsa masa ba zai ƙara komai ba sai ɓata zumunci. Idan ya ba da lamba kawai ya ce a kira, bai gabatar da kowa ba. Idan kuma ma'aji ya karɓi baƙon da fara'a mai yawa amma bai tambayi farashi ko lokacin kawo kaya ba, ganin ido ne ya sa ya zauna da shi. Bayan ganawar, ko an dace ko ba a dace ba, haƙƙin dillali ne a koma a faɗa masa yadda aka yi, domin gobe zai haɗu da ma'ajin, kuma rashin sanin abin da ya gudana yana kunyata shi.

Masu ganin a haramta kamun ƙafa baki ɗaya suna da hujjar da ba za a raina ba, musamman a aikin gwamnati, inda Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta sa tallata kwangila da gasa a fili su zama ƙa'ida. Gaskiya ne cewa duk tsarin da ya dogara da wa ka sani yana barin ɗan ƙauye da matar da ba ta zama a majalisar maza da marayan da ba shi da uwa a gindin murhu a bakin ƙofa, ko da kayansu sun fi na kowa. Sai dai hani kaɗai ba ya rayar da ƙofar gaba, kuma muddin wasiƙa ba ta samun amsa, mutane za su ci gaba da neman mai yi musu iso, a ɓoye maimakon a fili.

Iyakar da ta fi amfani ita ce wadda ke tsakanin gabatarwa da alfarma. Gabatarwa tana nema wa mutum a saurare shi, ta bar hukunci a hannun mai shi, alfarma kuwa tana neman a karkatar da hukuncin saboda darajar mai roƙo. Malamai sun daɗe da bambanta su a ƙarƙashin babin ceto, bisa aya ta 85 a Suratun Nisa'i wadda ta ba mai ceto rabo a cikin alheri ko sharrin abin da ya yi ceto a kai, da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito mai ɗaukar karɓar kyauta saboda ceto a matsayin shiga babbar ƙofar riba. A aikace, idan dillalin man girki ya nemi a ware masa wani abu a kan kowane buhu ba tare da sanin ma'aji ba, shaidarsa a kan shinkafar ta tashi daga ta masani ta koma ta mai hannun jari, kuɗin nasa kuma zai fito ne daga farashin da makaranta za ta biya ko daga awon buhun da za a kai wa ɗalibai.